Bishiyar da Ba Ta Yin Reshe: Yadda Jerarrun Lambobi Ke Durƙusar da Kwamfuta

Idan aka adana lambobi miliyan ɗaya a kwamfuta ta hanyar da ta dace, tambayoyi 20 sun isa ta zaƙulo duk wadda ake nema. Amma waɗannan lambobin dai, a kwamfutar nan dai, da manhajar da ba a canza mata ko harafi ɗaya ba, suna iya sa ta yi tambaya miliyan ɗaya kafin ta kai ga lamba guda. Bambancin da ke tsakani shi ne wace lamba aka fara shigarwa, wace ta biyo baya. Kuma abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, jerin da ya fi yin ɓarna shi ne wanda kowane magatakarda zai yi alfahari da shi: daga ƙarama zuwa babba, tsaf, babu tsallake.

Wannan matsala ta shafi wani tsarin adana bayanai da ake kira bishiyar bincike mai rassa biyu, wadda ɗaliban kimiyyar kwamfuta ke gani a littattafansu da taƙaitaccen suna `BST`. Tsohon tsari ne. Masana da dama sun gano shi daban-daban a wajajen 1960, daga cikinsu akwai P. F. Windley da Andrew Booth da Andrew Colin, sannan a 1962 Thomas Hibbard ya buga nazarinsa a kai. Har yau da wuya ɗalibi ya gama karatun tsarin bayanai ba a sa shi ya rubuta irinta da hannunsa ba.

Dokar bishiyar ba ta da wuya. Kowace lamba tana zaune a wata gaɓa, kowace gaɓa kuma tana da ƙofa biyu, hagu da dama. Duk lambar da ba ta kai ta cikin gaɓar ba, hagu za ta bi. Wadda ta fi ta, dama. Lambar da aka fara shigarwa ita ce saiwa, kuma daga kanta kowane bincike yake farawa. Masu zanen wannan bishiya a bisa al'ada suna ɗora saiwar a sama, rassan su yi ƙasa, don haka idan aka ce lamba ta yi zurfi, ana nufin ta yi nisa da saiwa.

Sabuwar lamba idan ta zo, sai a gwada ta da saiwa, ta bi hagu ko dama, a gwada ta da gaɓar da ta tarar a can, ta sake zaɓar hanya, har ta iske ƙofar da babu kowa a bayanta. Nan za ta zauna. Ba a tayar da wanda ya riga ya zauna, ba a matsar da kowa. A harshen Python, aikin duka bai wuce haka ba:

```python
def saka(gaba, lamba):
    if gaba is None:
        return Gaba(lamba)
    if lamba < gaba.lamba:
        gaba.hagu = saka(gaba.hagu, lamba)
    else:
        gaba.dama = saka(gaba.dama, lamba)
    return gaba
```

A ɗauki lambobi bakwai: 10, 20, 30, 40, 50, 60, 70. Da farko a shigar da su a wannan jeri mai kama da hargitsi: 40, 20, 60, 10, 30, 50, 70. Lamba 40 ta zama saiwa. Da 20 ta zo, ba ta kai 40 ba, ta zauna a hagu. Ita kuwa 60 ta zauna a dama. Sai 10: ba ta kai 40 ba, hagu; ba ta kai 20 ba, hagu kuma, ta zauna. Sai 30: hagun 40, daman 20. Haka 50 da 70 suka raba ƙofofin 60 a tsakaninsu. An samu bishiya mai hawa uku, kowane ɓangare daidai da ɗan'uwansa. Mai neman 70 zai gwada da 40, ya gwada da 60, a karo na uku ya same ta. Babu lambar da nemanta zai wuce gwaji uku, kuma gina bishiyar gaba ɗaya gwaji 10 ya ci.

Yanzu a share, a sake shigar da su a jere. Lamba 10 ta zama saiwa, tunda ita ta fara zuwa. Sai 20, ta fi 10, ta zauna a dama. Sai 30: ta fi 10, dama, ta fi 20, dama. Sai 40, ta wuce 10, ta wuce 20, ta wuce 30, ta zauna a daman 30. Kafin 70 ta samu wurin zama sai da ta gaisa da dukan shidan da suka riga ta. Jimillar gwaji: 0 da 1 da 2 da 3 da 4 da 5 da 6, wato 21. Hawa bakwai, kowane hawa gaɓa ɗaya tal, kuma ƙofofin hagu guda bakwai duk wayam.

Wanda ya san daji ya san bambancin goruba da giginya. Goruba takan rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, giginya kuwa miƙewa take yi sambal ba ta da reshe ko ɗaya. Goruba aka shuka a nan, giginya ta fito.

Dalilin ba ya buƙatar dogon lissafi. Idan lambobi suna zuwa a jere, kowace sabuwa ta fi duk waɗanda suka riga ta. Saboda haka a kowace gaɓa amsa ɗaya ce: dama. Ƙofar hagu ta 10 tana jiran lambar da ba ta kai 10 ba, kuma irin wannan lamba ba za ta taɓa zuwa ba, don da tana nan da ita ta fara shiga. Ƙofar hagu ta 20 tana jiran abin da ke tsakanin 10 da 20, shi ma da akwai shi da ya riga 20 zuwa. Wuri ɗaya ne kawai sabuwar lamba za ta iya zama, wato daman wadda ta shigo kafin ita. Dokar bishiyar ba a karya ta ba ko sau ɗaya. Bin ta sau da ƙafa ne ma ya haifar da wannan siffa.

To me aka rasa? Ƙarfin bishiyar bincike yana cikin abin da kowane gwaji yake zubarwa. A bishiya ta farko, da mai neman 70 ya gwada ta da 40, nan take lambobi huɗu suka fita daga lissafi: 40 ɗin kanta da ukun da ke hagunta. Gwaji ɗaya ya kawar da fiye da rabi. Na biyu ya raba sauran. Shi ya sa miliyan ba ta da wahala: rabin miliyan dubu ɗari biyar ne, rabinsa dubu 250, haka-haka, kafin a raba sau 20 an sauko kan lamba ɗaya. A bishiya ta biyu kuwa, da aka gwada 70 da 10, abin da aka zubar shi ne 10 da duk abin da ke hagunta. Hagunta kuma babu komai. An yi gwaji, an biya kuɗinsa, an rage lamba ɗaya tak.

Wannan shi ne ainihin halin wani tsarin da ya fi bishiya sauƙi, jerin sarƙa. A jerin sarƙa kowace gaɓa tana riƙe da bayaninta da adireshin ta gaba da ita, shi ke nan. Mai neman ta 500 dole ya bi ta kan 499. Bishiyar da duk ƙofofin hagunta suke wayam ba ta bambanta da wannan ba: ƙofar dama ita ce adireshin na gaba, ta hagu kuma ado ce.

A gaskiya ma ta fi jerin sarƙa muni. Kowace gaɓa tana cin wurin adireshi biyu, ɗaya ba a amfani da shi. Sannan jerin sarƙar da aka rubuta da kyau yakan riƙe adireshin gaɓar ƙarshe, don haka ƙara sabon abu a wutsiya taki ɗaya ne. Bishiyar ba ta san wannan dabara ba. Ko da yake kowace sabuwar lamba a wutsiya za ta zauna, sai ta taso daga saiwa ta taka kowace gaɓa kafin ta isa.

A nan ne lissafin yake fara ban tsoro. Lamba ta biyu gwaji ɗaya take yi, ta uku biyu, ta dubu 999. Idan yawan lambobin `n` ne, jimillar gwajin ginin ita ce `n(n-1)/2`. Ga lambobi 50, gwaji 1,225 ne, kwamfuta za ta gama kafin ƙiftawar ido. Ga 1,000, gwaji 499,500, har yanzu ba wanda zai lura. Ga miliyan ɗaya, gwaji 499,999,500,000, kusan biliyan 500. A ƙaddara kwamfutar tana yin gwaji miliyan 100 a daƙiƙa: za ta shafe daƙiƙa 5,000, wato awa ɗaya da minti 23. Da bishiyar ta fito daidai wa daida, ginin ba zai kai gwaji miliyan 20 ba, aikin da bai kai rabin daƙiƙa ba.

Mai karatu zai iya cewa, ai sai an yi rashin sa'a kafin a faɗa wannan rami. Ta fuskar lissafi yana da gaskiya. Lambobi bakwai ana iya jera su ta hanyoyi 5,040, kuma 64 ne kawai daga ciki suke haifar da sarƙa mai hawa bakwai. Yayin da lambobi suke ƙaruwa, rabon munanan jerin yana ƙanƙancewa har ya kusa ɓacewa. Idan aka cakuɗa lambobi miliyan aka zuba su yadda suka zo, matsakaicin bincike ba ya kai gwaji 30. Bai kai kyawun 20 ba, amma ba abin kuka ba ne. Da a ce bayanai daga ƙuri'a suke fitowa, da wannan matsala ta tsaya a allon aji.

Sai dai bayanan duniya ba daga ƙuri'a suke fitowa ba. Lambar rasit tana ƙaruwa ɗaya bayan ɗaya. Lambar shigar ɗalibai haka. Kwanan wata da lokaci kullum gaba suke yi. Jerin sunaye yakan iso an riga an tsara shi daga A zuwa Z, domin wanda ya shirya shi ya ga hakan ya fi kyan gani. Wato jerin da lissafi ya ce da wuya a gamu da shi, shi ne wanda ofisoshi suke samarwa kowace rana.

Akwai ma wani tarko da ya fi wannan wayo, don bishiyar da kanta take ɗana shi. A ce wani ɗalibi ya rubuta manhajar da ke adana lambobin masu ajiya a wata ƙungiyar adashi ko ƙaramin shago. Mutane suna zuwa ba bisa jeri ba, bishiya ta yi rassa, bincike yana gudu. Da yamma ana so a kashe kwamfuta, sai manhajar ta kwashe abin da ke cikin bishiyar ta zuba a fayil. Hanyar da aka fi koyarwa ta zagaya bishiya ita ce a fara da hagu, sai gaɓar kanta, sai dama, kuma wannan zagaye yana fitar da lambobin a jere daga ƙarama zuwa babba. Bishiyarmu mai hawa uku za ta rubuta 10, 20, 30, 40, 50, 60, 70. Da safe manhajar ta buɗe fayil, ta karanta layi-layi, ta saka kowace lamba. Bishiyar da ta kwana da hawa uku ta wayi gari da hawa bakwai. Babu wanda ya taɓa manhajar, babu lambar da ta ɓata, kashewa da kunnawa kawai aka yi.

Jeri daga babba zuwa ƙarama shi ma haka yake yi, sai dai sarƙar ta karkata hagu. Akwai kuma wanda ba ya kama da jeri ko kaɗan: 10, 70, 20, 60, 30, 50, 40. A nan 70 tana daman 10, 20 tana hagun 70, 60 tana daman 20, ana ta lanƙwasa kamar haka har ƙasa, amma kowace gaɓa ɗa guda gare ta, hawa bakwai cif. Ƙa'idar ita ce, muddin kowace lambar da ta shigo ita ce mafi ƙanƙanta ko mafi girma a cikin waɗanda suka rage, sarƙa za a samu. Hatta lambobi masu maimaituwa suna iya jawo haka: a rubutun da ke sama, lambar da ta yi daidai da ta cikin gaɓa dama take bi, don haka abu ɗaya da aka saka sau dubu zai yi layi mai gaɓa dubu.

Abin da ya sa cutar take daɗewa ba a gano ta ba shi ne, ba ta ba da amsar ƙarya. Duk lambar da aka nema za a same ta. Duk wadda babu, za a ce babu. Gwajin da ɗalibi zai yi da lambobi ashirin ko hamsin zai wuce lafiya lau. Alamunta a wani wuri suke.

Ta farko ita ce yadda lokaci yake ƙaruwa. A loda lambobi dubu 20 a duba agogo, sannan a loda dubu 40. Idan lokacin ya ɗan haura ninki biyu, bishiya lafiya take. Idan ya ninka sau huɗu, sarƙa ce. Ta biyu ita ce a auna tsayin bishiyar kai tsaye a kwatanta shi da yawan gaɓoɓinta: gaɓa dubu mai hawa 10 ko ma ashirin da wani abu ba laifi, gaɓa dubu mai hawa ɗari tara magana ta ƙare. Ta uku takan zo da kanta ba a gayyace ta ba. Aikin `saka` da ke sama yana kiran kansa sau ɗaya a kowane hawa, Python kuma a yadda yake zuwa ba ya barin irin wannan kira ya yi zurfin da ya wuce 1,000. Lambobi miliyan da aka cakuɗa za su shiga ba tare da an kusanci wannan iyaka ba. Jerarrun lambobi kuwa, ana dab da cika dubu manhajar za ta tsaya cak ta rubuta `RecursionError`. Ɗalibai da yawa a nan sukan ɗaga iyakar da `sys.setrecursionlimit` su ci gaba. Wannan rufe bakin mai kuka ne kawai, ciwon yana nan.

Magani ya danganta da ko lambobin duka suna hannu. Idan suna hannu, mafi sauƙi shi ne a cakuɗa su kafin a zuba, kuma `random.shuffle` layi ɗaya ne. Wanda ya fi shi kyau shi ne a ci moriyar jerin: a ɗauki ta tsakiya a fara sakawa, sannan ta tsakiyar rabin hagu, da ta tsakiyar rabin dama, a ci gaba da haka. Daga 10 zuwa 70, wannan zai ba da 40, sai 20 da 60, sai sauran, wato bishiyar nan mai hawa uku. Shi kuma mai matsalar fayil, ya isa ya canza yadda yake zagayawa: ya rubuta gaɓa tukuna, sannan hagunta, sannan damanta. Fayil ɗin zai ƙunshi 40, 20, 10, 30, 60, 50, 70, kuma idan aka sake lodawa bishiyar za ta dawo da siffarta ta jiya ba ragi ba ƙari.

Amma rasit na gobe ba ya hannu yau, ba a kuma cakuɗa abin da bai zo ba. Wannan ne ya sa a 1962 wasu masana lissafi biyu na Tarayyar Sobiyet, Georgy Adelson-Velsky da Evgenii Landis, suka fito da bishiyar da take gyara kanta, wadda ake kira `AVL` daga haruffan sunayensu. Sharaɗinta shi ne, a kowace gaɓa, tsayin hagu da na dama kada su bambanta da fiye da hawa ɗaya. Da zarar sun bambanta da biyu, sai a yi juyi.

Ga yadda take karɓar jerin da ya kayar da ta farko. An saka 10, an saka 20, babu damuwa. Da 30 ta shigo, daman 10 ya yi hawa biyu, hagunta babu ko ɗaya. Sai a ɗaga 20 ta zama saiwa, 10 ta sauka hagunta, 30 ta tsaya a dama. Dokar ƙarami a hagu babba a dama tana nan yadda take, adireshi kaɗan aka sauya. Sai 40 ta zauna a daman 30. Da 50 ta zo, 30 da 40 da 50 suka yi layi, aka ɗaga 40 a kansu. Da 60 ta zo, saiwar ce da kanta ta karkata, hagu hawa ɗaya, dama uku. Aka ɗaga 40 ta zama saiwa, 20 ta koma hagunta, ita kuma 30, da yake tana tsakanin 20 da 40, ta koma daman 20. Daga ƙarshe 70 ta sa aka ɗaga 60 a kan 50 da 70. Juyi huɗu, kuma abin da ya fito shi ne bishiya mai hawa uku, 40 a sama. Abin da bishiyar farko ta kasa shi ne tayar da wanda ya riga ya zauna. Landis da abokinsa sun ba ta wannan izini, da sharaɗin kowace gaɓa ta riƙa tuna wane ɓangarenta ya fi tsayi.

Wasu hanyoyin sun biyo baya. Rudolf Bayer ya fito da wani tsari a 1972, wanda Leonidas Guibas da Robert Sedgewick suka sake fasaltawa a 1978 ya zama bishiyar ja da baƙi. Ba ta kai `AVL` tsanani ba, tana barin ɓangare ɗaya ya ɗan fi ɗaya, amma hanya mafi tsawo daga saiwa zuwa ƙasa ba ta taɓa wuce ninki biyu na mafi gajarta. Ita ce ke cikin `TreeMap` na Java, ita ce kuma aka saba gina `std::map` na C++ da ita, kuma tana aiki a cikin zuciyar Linux. Manyan rumbunan bayanai irin PostgreSQL da SQLite suna amfani da `B-tree`, wadda Bayer da Edward McCreight suka ƙirƙiro a kamfanin Boeing a farkon shekarun 1970. Ita daga saiwa take ƙara tsayi, don haka dukan ganyenta a hawa ɗaya suke, ko lambobin sun zo a jere ko a hargitse.

Saboda haka wanda yake zuba jerarrun lambobi a `TreeMap` ko a rumbun bayanai ba shi da abin fargaba ta wannan fuska. Haɗarin yana wurin bishiyar da mutum ya rubuta da hannunsa, mai layi takwas irin ta sama, ya gwada ta da lambobi goma da ya zaɓa da ka, sannan ya ɗora mata aikin gaske. Duk mai irin wannan bishiya, kafin ya miƙa ta ga malami ko ga mai shago, ya zuba mata lambobi daga 1 zuwa 10,000 a jere ya auna tsayinta. Idan ta gyara kanta yadda ya kamata, hawa 14 ko kusa da haka zai gani. Idan ya ga 10,000, ko manhajar ta mutu a hanya, to jerin sarƙa yake da shi.